Yadda Ake Raɗa wa Tsare-tsaren Biyan Kuɗi na Manhaja Sunan da Mai Saye Zai Gane

Mai manhaja yakan kwashe watanni yana gina abin da zai sayar, ya zauna ya yi lissafin farashi har sau uku, amma idan aka zo kan sunayen tsare-tsaren biyan kuɗi sai ya leƙa manhajar wani ya kwaso Basic da Plus da Pro ya liƙa a tasa. Daga ranar da ya fara karɓar kuɗi sai wayarsa ta cika da tambaya guda: mene ne bambancin wannan da wancan? Tambayar alama ce ta cewa sunan bai yi aikinsa ba, domin aikin sunan tsari shi ne mai saye ya dubi jerin ya gane wanne ne nasa tun kafin ya karanta dogon teburin bayani, wanda galibin mutane ba sa karantawa a kan ƙaramar fuskar waya.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, mu ƙaddara cewa wasu matasa a Sakkwato sun gina manhajar ajiye lissafin shago, wadda ke rubuta ciniki da bashi da kayan da suka rage, kuma masu sayenta ’yan kasuwa ne na Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da masu kantin magani a cikin gari, har da dillalan da ke da rumbu a Illela ko Tambuwal. Suna da tsare-tsare uku: Basic a kan naira 2,000 a wata, Plus a kan naira 5,000, Pro a kan naira 12,000. Waɗannan alƙaluman misali ne kawai, amma da su za mu yi aiki har ƙarshe.

Mataki na farko: rubuta bambancin kafin ka nemi suna

Ka ɗauki takarda ka ja layi uku, kowane tsari da layinsa, sa’annan ka rubuta abin da ya bambanta su kaɗai. Duk abin da ke cikin ukun gaba ɗaya, kamar rubuta ciniki da buga rasit, ka bar shi waje, domin ba shi ne ke sa mutum ya zaɓi wani ya bar wani ba. A misalinmu takardar za ta nuna cewa Basic waya ɗaya ce ke shiga, shago ɗaya, da saƙon tunin bashi 50 a wata. Plus yana ba da damar mutum biyar su shiga kowa da lambar sirrinsa, mai shago ya ga wanda ya sayar da kowane kaya da lokacin da ya sayar, ga kuma saƙo 300. Pro yana haɗa shago har biyar da rumbun ajiya a lissafi guda, ana iya tura kaya daga wannan reshe zuwa wancan a rubuce, da saƙo 1,000.

Yanzu ka gwada faɗin kowane tsari a jimla ɗaya da ta fara da “wannan na mutumin da”. Na farko na mutumin da ke tsaye a shagonsa da kansa ne. Na biyu na mutumin da ke da yaran shago kuma yana son sanin abin da ke faruwa idan ya tafi masallaci ko ya yi tafiya Kano sarin kaya. Na uku na mutumin da kasuwancinsa ya wuce ƙofa ɗaya. Idan wani tsari ya ƙi shiga jimla irin wannan, sai ka sami kanka kana cewa “wannan yana da kaza da kaza da ɗan ƙarin kaza”, to matsalar ba ta suna ba ce, tsarin ne ba shi da mai shi, kuma babu sunan da zai gyara hakan. Mafita ita ce a haɗe shi da maƙwabcinsa ko a sake rabon abubuwan da ke ciki kafin a ci gaba.

Mataki na biyu: zaɓi ma’auni ɗaya da sunayen za su hau

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi. A takardar da ka rubuta akwai abubuwa da yawa da ke ƙaruwa daga tsari zuwa tsari: yawan mutane, yawan shaguna, yawan saƙonni. Sai ka tambayi kanka wanne ne daga cikinsu ke sa mutum ya ciro ƙarin kuɗi. Ba a cika samun ɗan kasuwar da zai tashi daga naira 2,000 zuwa 5,000 saboda saƙonni kaɗai ba. Abin da ke tayar da shi shi ne ya ɗauki yaro, kuma ba ya son ba yaron wayarsa da lambar sirrinsa. Ke nan ma’aunin gaskiya a wannan manhaja shi ne hannu nawa ke taɓa littafin kuma a wuri nawa, don haka a kansa sunaye za su hau, sauran bambance-bambancen su koma layin bayani.

Hanyoyin raɗa suna da ake gani a kasuwa kusan iri uku ne, kuma kowace tana da inda take aiki. Akwai sunan da ke faɗin wanda aka yi wa tsarin, kamar yadda Spotify ke da Individual da Duo da Family da Student. Mutum bai buƙatar tebur kafin ya san cewa Duo na mutum biyu ne, Student kuma na ɗalibi. Akwai sunan da ke nuna hawa kawai, kamar Business Starter da Business Standard da Business Plus da Google ta fito da su a watan Oktoban 2020 lokacin da ta mayar da G Suite zuwa Google Workspace. Irin wannan yana gaya maka wanne ya fi wanne, amma bai gaya maka dalilin da zai sa ka hau ba. Sai kuma sunan ƙawa, irin Jinja da Jolli na GOtv ko Yanga da Confam na DStv, waɗanda suke da daɗin faɗa amma wanda bai taɓa ganin farashinsu ba zai yi wuya ya faɗi wanne ne sama. Kamfani irin wannan yana da talla a rediyo da talbijin da wakilai a kowane gari waɗanda suka shafe shekaru suna koya wa mutane jerin. Matasa huɗu da ke aiki a ɗaki ɗaya a Mabera ba su da wannan ƙarfin, saboda haka a ganina hanya ta farko ce ta dace da su, domin sunan da kansa yana yin aikin da wakili zai yi.

Sunayen hawa ba laifi ba ne a kowane hali. Idan manhajarka tana da tsari biyu kacal, na kyauta da na kuɗi, to kiran na kuɗin Pro ko Plus ya wadatar, tunda babu abin da za a rikita shi da shi. Haka nan idan bambancin yawa ne zalla, kamar girman wurin ajiyar fayil, to adadin shi ne sunan da ya fi dacewa, a ce 100 GB da 200 GB, kamar yadda babu mai tambayar bambancin mudu da buhu. Rikici yana farawa ne idan aka jera kalmomin yabo biyu ko uku a gefen juna. Plus da Pro da Premium da Max duk suna cewa “wannan ya fi”, babu wanda ya faɗi abin da ya fi ko da me ya fi shi. Tagulla da Azurfa da Zinariya sun ɗan fi su, domin kowa ya san jerinsu, amma su ma shiru suke yi game da abin da ke ciki, kuma da zarar an ƙara na huɗu aka shiga neman abin da ya fi zinariya sai jerin ya fara ruɗar mutane.

Abin da ya kamata a guje masa ƙwarai shi ne gauraya hanyoyin a jeri ɗaya, a ce na farko Basic, na biyu Kasuwa, na uku Zinariya. Mai karatu zai fara auna su da ma’auni ɗaya, ya iske na biyun bai hau ba, ya sake wani, daga nan ya rufe shafin ko ya kira ka.

Mataki na uku: ɗauko kalmomin daga bakin masu saye

Ka koma kan saƙonnin WhatsApp da masu amfani da manhajar suka turo maka, da abin da suke faɗa idan ka je shagonsu, ka duba yadda suke bayyana kansu. Za ka ji ana cewa “ni kaɗai ne a shagon”, “ina da yara uku”, “muna da reshe a Wamakko”. Daga nan ake samo suna. Gwajin farko a misalinmu zai iya zama Mai Shago da Maigida da Dila. Suna da daɗin ji, amma idan aka duba da kyau sai a ga ɓaraka: mai yara biyar shi ma mai shago ne, wanda ke shi kaɗai a shago shi ma maigida ne a gidansa, dila kuma yana nufin mai sayar da kaya a sari, alhali akwai mai kantin magani da ke da rassa uku kuma ba ya sari. Sunayen suna hawa kan juna, kuma mutum ɗaya zai iya ganin kansa a cikin biyu.

Gwaji na biyu ya fi tsabta: Da Kaina, Da Yara, Da Rassa. Ukun siga ɗaya gare su, kowanne yana amsa tambaya guda, wato yaya kake tafiyar da kasuwancinka, kuma mutum ba zai faɗa cikin biyu a lokaci guda ba sai dai idan yana kan gaɓar hawa, wanda shi ne daidai lokacin da ake so ya yi tunanin hawan.

Akwai abin da ya shafi mutunci wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba. Kada sunan tsarin ƙasa ya ƙasƙantar da mai sayensa. Dattijon da ya shekara talatin a kasuwa ba zai ji daɗin rasit da ke kiransa Ɗan Koyo ko Ƙaramin Ɗan Kasuwa ba, kuma yana iya barin manhajar gaba ɗaya ba tare da ya faɗa maka dalili ba. Da Kaina bai rage masa komai ba, yanayin aikinsa kawai ya faɗa. A ɗaya gefen kuma, kada sunan tsarin sama ya yi alkawarin da bai cika ba. Idan ka kira shi Ba Iyaka alhali shago biyar ne iyakarsa, ranar da wani ya zo buɗe na shida za ka rasa amanarsa, kuma gaskiya tana wurinsa.

Mataki na huɗu: duba ko sunan zai rayu a inda za a rubuta shi

Sunan tsari ba a shafin farashi kaɗai yake zama ba. Zai fito a saƙon tes na tunin biya, da rasit, da bayanin tura kuɗi ta banki, kuma za a faɗe shi a waya cikin hayaniyar kasuwa. Saboda haka ya zama gajere, kalma ɗaya ko biyu, wanda za a iya faɗa ba tare da an ce a maimaita ba.

A nan akwai wani abu na fasaha da ya shafi masu rubuta Hausa musamman. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin GSM-7, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin wannan jerin, haka ma alamar ₦. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya yakan koma tsarin UCS-2 inda iyakarsa harafi 70 ne, sai saƙon da ya kamata ya tafi a matsayin ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ya ninka. Wasu ƙananan injinan buga rasit ma sukan fitar da alamar tambaya a gurbin irin waɗannan haruffa. Wannan ba dalili ba ne na lalata rubutun Hausa a cikin manhajar, amma dalili ne mai ƙarfi na fifita sunan da babu harafi mai lanƙwasa a cikinsa idan akwai zaɓi. Shi ya sa Da Kaina ya fi Ni Kaɗai dacewa, ko da yake ma’anarsu kusan ɗaya ce.

Idan manhajar tana da fuskar Turanci, a ba kowane tsari suna ɗaya a can wanda ke kan ma’auni guda da na Hausar, misali Solo da Team da Branches, kuma a tabbatar mai amsa waya ya san su biyun. Biyan wata-wata da biyan shekara kuwa ba tsare-tsare daban ba ne, hanyar biya ce kawai, don haka kada a ba su sunaye na dabam. Haka ma ƙarin saƙonni: a sayar da su a gefe a matsayin ƙari, kada a ƙirƙiri tsari na huɗu mai suna Da Yara Plus saboda su.

A ƙarƙashin kowane suna a sa layi ɗaya mai ɗauke da adadi. Da Kaina: waya 1, shago 1. Da Yara: duk abin da ke cikin Da Kaina, da mutum 5 kowa da lambarsa. Da Rassa: duk abin da ke cikin Da Yara, da shago har 5 a lissafi guda. Faɗin cewa na sama ya ƙunshi na ƙasa yana da amfani, domin mutane da yawa suna tsoron cewa idan suka hau za su rasa wani abu da suka saba da shi.

Mataki na biyar: gwada sunayen ba tare da farashi ba

Ka rubuta kowane suna a kan kati dabam, babu farashi, babu bayani, ka gauraya su. Ka nemi mutum takwas zuwa goma daga cikin irin waɗanda za su saya, ba abokanka masu rubuta manhaja ba, kuma ka haɗa da mata masu sana’a a gida da masu kanti, kada duk su fito daga layi ɗaya na kasuwa. Ka je lokacin da ciniki ya lafa, ka gaisa yadda ya kamata, sa’annan ka yi tambaya uku. Ta farko: “Alhaji, don Allah jera mini waɗannan daga mai araha zuwa mai tsada.” Ta biyu: “Wanne ne kake ganin ya dace da shagonka?” Ta uku: “Idan ka bar wannan ka koma wancan, me kake tsammanin za a ƙara maka?” Kada ka taimaka, kada ka gyara masa, ka rubuta abin da ya faɗa kawai. Idan mutumin ba ya karanta boko, ka karanta masa sunayen da baki, domin haka zai ji su daga yaronsa ko daga wakilinka.

Ana ɓoye farashi ne saboda farashi yana rufe aibin suna: duk wanda ya ga 2,000 da 5,000 da 12,000 zai jera su daidai ko da sunayen ba su da ma’ana. Ƙa’idar da nake bi ita ce, idan mutum biyu ko fiye cikin goma suka kasa jerawa, ko suka zaɓi tsarin da bai dace da yanayinsu ba, sunan yana buƙatar gyara. Tambaya ta uku ce ta fi tona asiri. Idan amsar ita ce “zai fi kyau” ko “zai fi sauri”, sunan hawa kawai ya nuna. Idan amsar ita ce “yarana za su iya shiga”, ya yi aiki.

A misalinmu, inda ya fi yiwuwa a sami tangarɗa shi ne Da Yara. Ɗan kasuwa zai gane yaran shago ake nufi, amma Hajiya mai sayar da atamfa a gida tana iya ɗauka cewa tsarin iyali ne, mai kantin magani kuma yana iya cewa shi ma’aikata gare shi. Idan hakan ya fito daga bakin mutum biyu ko fiye, sai a gwada Da Ma’aikata a zagaye na biyu da wasu mutanen dabam, a ga wanne ya fi tsira. Hukuncin na waɗanda suka fi yawa cikin masu biyan kuɗi ne, ba na wanda ya ƙirƙiro sunan ba.

Mataki na shida: raba sunan da ake gani da lambar da manhaja ke amfani da ita

Kada a taɓa rubuta sharaɗi a cikin manhaja da sunan da mai saye ke gani. Kowane tsari ya sami lambar ciki wadda ba ta canzawa, sunan kuma ya zauna a wuri guda da za a iya gyarawa:

```
plan_id: tier2_staff
name_ha: Da Yara
name_en: Team
max_users: 5
```

Manhaja ta riƙa duba `plan_id` ko `max_users`, ba `name_ha` ba. Masu karɓar kuɗi ma haka suke aiki: Paystack yana ba kowane tsari `plan_code` da ke farawa da `PLN_` wanda yake dabam da sunansa, a Google Play kuma lambar da ka ba abin sayarwa ba ta canzuwa bayan an ƙirƙire ta, ba a kuma sake amfani da ita. Wanda ya sa kalmar pro a cikin irin wannan lamba zai ci gaba da ganinta a rahotanninsa shekaru bayan ya daina amfani da sunan.

Idan akwai masu biya a kan tsofaffin sunaye

Matasanmu suna da mutanen da suka riga suka saba da Basic da Plus da Pro, don haka sauyin yana buƙatar lallami. A sanar da su kafin ranar biya ta gaba, kuma jimlar farko ta saƙon ta faɗi cewa farashi da abin da ke ciki ba su canza ba, domin abin da mutum ke fara zargi ke nan idan ya ga sabon suna. A yi sauyin rana ɗaya a ko’ina, a manhaja da rasit da saƙon tes da takardar talla da bakin wakilai. Har tsawon wata biyu ko uku a riƙa rubuta “Da Yara, wanda a da ake kira Plus”, sa’annan a janye tsohon. Kuma kada a haɗa canjin suna da ƙarin farashi a wata guda, domin mutane za su ɗauka an canza sunan ne don a ɓoye ƙarin.

Abu ɗaya da ba a yi shi ne ɗaukar tsohon suna a ba wani tsari dabam. A watan Afrilun 2020 Microsoft ta mayar da Office 365 Business Premium zuwa Microsoft 365 Business Standard, a lokaci guda kuma ta ba wani tsari mafi tsada, wanda a da ake kira Microsoft 365 Business, sunan Microsoft 365 Business Premium. Sakamakon haka, idan mutum ya ce yana kan Business Premium sai an tambaye shi na da ko na yanzu kafin a san abin da yake da shi. A ƙaramar manhaja irin wannan yana nufin Alhaji ya turo kuɗin tsarin da ya sani, a buɗe masa wani dabam.

Bayan sauyin, a sa ido kan abubuwa uku na tsawon wata biyu, a kwatanta da watannin baya: yawan masu tambayar bambancin tsare-tsare, yawan waɗanda suka sayi wani tsari suka nemi a canza musu a makon farko, da yawan waɗanda suka buɗe shafin farashi suka fita ba su zaɓi komai ba. Idan tambayoyin sun ragu amma masu neman canji ba su ragu ba, to sunan yana jawo mutane zuwa tsarin da abin da ke cikinsa bai dace da su ba, sai a koma kan takardar mataki na farko a duba ko iyakar mutum biyar ce ta yi kaɗan, ko kuwa akwai wani abu da aka ajiye a Da Rassa wanda mai shago ɗaya ma yake buƙata.